Lissafin ƙungiya a fuskar talabijin, sunayen masu bashi a fuskar ma'aji

Wata ƙungiyar ƴan kasuwa masu sayen wake da gyaɗa a Maradi tana taron lissafi bayan kaka, a zauren gidan shugabanta da ke unguwar Zariya. Mutum talatin da wani abu ke halarta. A da ma'aji kan miƙe ne ya karanto alƙaluma daga littafi, kowa ya yi ta cewa a maimaita. Bana an mayar da lissafin cikin `Excel`, shugaba kuma yana da talabijin mai inci 43 a rataye a bangon zauren, sai aka ce a haɗa kwamfutar ma'aji da ita kowa ya gani da idonsa.

Zaman farko bai ƙare lafiya ba. An soka wayar HDMI, hoto ya fito nan take, amma na bayan zaure suka ce ba sa bambance 3 da 8. Ana cikin haka wani ya tambayi nawa ya rage a hannun mutane, ma'aji ya buɗe shafin da yake rubuta bashi don ya duba jimlar. Sunayen mutum tara da abin da ake bin kowannensu suka bayyana a bango, uku daga cikinsu suna zaune a wurin, ɗaya surukin shugaba ne. Aka ɗage taron. Kafin zama na biyu suka kira ni in duba musu, tun da gyaran kwamfuta da haɗa irin waɗannan kaya shi ne sana'ata.

Kayan da na tarar ba su da laifi ko kaɗan. Kwamfutar tafi-da-gidanka ce ta hannu, mai `Windows 10` da Faransanci, fuskarta tana da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye. Talabijin ɗin tana da 1920 da 1080. Wayar mita 5 ce, a soke a rami na biyu, an kuma zaɓi `HDMI 2` da rimot yadda ya kamata. Matsalolin biyu, dusashewar lambobi da tonon asirin masu bashi, tushensu ɗaya ne: kwamfutar tana kan `Dupliquer`. Ba ma'aji ne ya zaɓa ba. Haka `Windows` ya saba yi wa kwamfutar hannu idan aka soka mata allon da ba ta taɓa gani ba, shi kuwa ganin hoto ya fito sai ya ɗauka aiki ya kammala.

Ana ganin zaɓin ne da danna maɓallin da ke da tambarin `Windows` tare da harafin P. Kwamfutocin da ke yawo a Maradi iri biyu ne, na Faransanci da waɗanda ke shigowa ta Kano da Katsina da Ingilishi, amma P a wuri ɗaya yake a duka biyun, jerin zaɓin ma ɗaya ne:

```
Win + P
Écran du PC uniquement      PC screen only
Dupliquer                   Duplicate
Étendre                     Extend
Deuxième écran uniquement   Second screen only
```

Na farko yana kashe hoton talabijin, na ƙarshe yana kashe na kwamfuta. Na biyu da na uku ne ake ruɗewa a kansu.

A `Dupliquer` kwamfuta hoto ɗaya take zanawa, ta aika shi wuri biyu. Tun da hoton ɗaya ne, dole girmansa ya zama wanda fuskokin biyu za su iya ɗauka, wato ƙaramar ce ke yanke hukunci. A nan hoton 1366 da 768 ne, ɗigo miliyan ɗaya da ƴan kai, ake shimfiɗa shi a kan talabijin mai ɗigo sama da miliyan biyu. Kowane ɗigon kwamfuta sai ya faɗa kan ɗigon talabijin ɗaya da kusan rabi, kuma ba a iya kunna rabin ɗigo, don haka ake cakuɗa launin maƙwabta a cike giɓin. A fim ko wasan ƙwallo ba wanda zai lura. A siririn rubutu baƙi kan fari kuwa gefen kowace lamba sai ya yi hazo, buɗaɗɗen gefen 3 ya kusa rufewa, ta koma kamar 8. Ƙorafin na bayan zaure ke nan, kuma gaskiyarsu ne.

Abu na biyu ya fi sauƙin ganewa. Hoto ɗaya yana nufin duk inda hannun ma'aji ya je, idon jama'a na biye da shi. Babu wani lungu da zai leƙa shi kaɗai.

`Étendre` kuwa yana mai da talabijin ƙarin fili a gefen fuskar kwamfuta, kamar mai shago da tebur biyu, ɗaya a bakin ƙofa inda yake baza abin da yake so mai saye ya gani, ɗaya a ciki inda littafin bashi yake. Kowace fuska tana samun nata hoton da nata girman. Abin da aka ja aka kai talabijin shi kaɗai ke bayyana a can.

Da na danna `Étendre`, ma'aji ya dubi bango ya ce, "Malam, ai ka ɓata shi, lissafin ya tafi." Talabijin ɗin ba ta nuna komai sai hoton bangon kwamfuta da siririn layin nan na ƙasa. Wannan shi ne ke sa mutane da yawa su koma `Dupliquer` da gudu. Ba abin da ya ɓace: sabon filin ne, ba a kai masa komai ba tukuna. Alamar cewa haɗin ya yi ita ce kibiyar linzami tana iya fita ta gefen fuskar kwamfuta ta ɓullo a talabijin.

Sai dai ta wane gefen? `Windows` bai san inda talabijin take a ɗaki ba, yakan ɗauka tana dama. A zauren nan kuwa teburin ma'aji yana gabas, talabijin tana hagunsa. Yana tura linzami hagu, kibiya ta tsaya cik a bakin fuska. Ya tura dama, ta ɓace masa, ta fito a talabijin da ke bayan kafaɗarsa ta hagu. Gyaran ba wuya. A danna maɓallin dama na linzami a fili, a zaɓi `Paramètres d'affichage`, a danna `Identifier`, lamba 1 ta fito a kwamfuta, 2 a talabijin. Sai a ja akwatin mai lamba 2 a ajiye shi hagun mai lamba 1, a danna `Appliquer`. A daidaita saman akwatunan biyu. Tun da talabijin ta fi tsawo da ɗigo 312, akwai wani yanki a ƙasanta da ba shi da maƙwabci a kwamfuta, kuma idan kibiya tana wannan yankin ba za ta iya komawa ba sai an ɗaga ta sama kaɗan. Na nuna wa ma'aji wannan da gangan, don kada ranar taro ya zaci linzamin ne ya mutu.

A wannan shafin ne kuma na danna akwati na 2 na tabbatar an sa shi a 1920 x 1080. Na bar fuskar kwamfuta a matsayin babbar fuska, domin a babbar fuska ne saƙonni ke faɗowa, a nan kuma yawancin sababbin tagogi ke buɗewa. Wanda ya mai da talabijin babbar fuska, saƙon `WhatsApp` na iyalinsa a bango zai fito.

Layin ƙasa na talabijin ya nuna wata matsalar. Rabinsa ne kawai ake gani, agogo ma ya gutsire. Talabijin da yawa suna ɗan zuƙo hoto su yar da gefunansa, ɗabi'ar da suka gada tun zamanin da gefen hoton tashoshi ke zuwa da datti. Wannan ba a kwamfuta ake gyara shi ba, a rimot ne, wajen girman hoto. A talabijin ɗin LG sunan zaɓin da Ingilishi `Just Scan`, a Samsung `Screen Fit`, wasu kuma sai an gaya musu abin da ke ramin nan `PC` ne. Bayan haka layin ya fito cikakke, rubutu ya ƙara fita tas, domin yanzu kowane ɗigon kwamfuta yana kan ɗigon talabijin guda daidai.

Daga nan muka ja tagar lissafin zuwa talabijin, na koma ƙarshen zaure wajen ƙofa, kimanin mita 6, na duba. Lambobin sun fita sarai, amma ban iya karanta ko ɗaya ba. Sun fi na ranar farko ƙanƙanta.

Wannan wuri ne da ya kamata a tsaya, domin mutane suna zaton ƙarin ɗigo yana nufin ƙarin girma, alhali akasin haka ne. Tsayin fuskar talabijin mai inci 43 kimanin santimita 53 ne. Raba shi gida 1080, kowane ɗigo ya zama rabin milimita. Layi ɗaya na `Excel` yadda yake zuwa ɗigo 20 ne, wato santimita ɗaya a bango, lambar da ke cikinsa kuma kusan rabin haka, milimita 5. A allon gwajin ido na likita, harafin da mai lafiyayyen ido ke iya karantawa daga mita 6 tsayinsa ya kusa milimita 9. Ke nan ko saurayi mai kaifin ido ba zai karanta lambar milimita 5 daga bakin ƙofa ba, balle dattijon da ya bar tabarau a gida. A ranar `Dupliquer` lambobin sun kai milimita 7 saboda shimfiɗar da aka yi wa hoton, sun fi girma amma da hazo. Yanzu sun fita tas amma sun yi ƙanana. Ko wanne bai isa ba.

Magani shi ne a zuƙo shafin, kuma a nan `Étendre` ya nuna amfaninsa na gaske. Da a `Dupliquer` ne, zuƙowar za ta shafi ma'aji ma, ya koma yana ganin layi bakwai ko takwas a gabansa, ba ya iya aiki. `Excel` kuwa yana da wani abu da mutane ba su cika taɓawa ba, a ƙarƙashin `Affichage`, mai suna `Nouvelle fenêtre`, a na Ingilishi `New Window` ƙarƙashin `View`. Yana buɗe taga ta biyu ta littafin lissafi guda ɗin nan. Ba kwafi ba ne. Abin da aka rubuta a ɗaya yana fitowa a ɗayar nan take, amma kowace taga tana da nata shafin da take kallo da nata girman. A saman kowace akwai sunan littafin da lamba 1 ko 2.

Muka bar taga ta 1 a kwamfuta. Ta 2 muka danna ta, muka tura ta talabijin da maɓallai, wanda ya fi ja da linzami sauƙi:

```
Win + Shift + ←
Win + Shift + →
```

A kwamfutar Faransanci wasu na rubuta `Maj` a maimakon `Shift`, ko kibiya mai kallon sama kawai. A tagar talabijin muka buɗe shafin `Jimla`, muka naɗe jerin maɓallan sama da `Ctrl + F1` don a sami fili, muka zuƙo zuwa 300%. Layi ya zama santimita 3, lamba ta zama kimanin milimita 15, ana ganin layi goma sha uku ko sha huɗu a lokaci guda. Shafin `Jimla` layi goma sha biyu ne: kuɗin shiga sefa 4,850,000, na fita 4,120,000, saura 730,000, da rabe-rabensu na haya da dako da buhuna. Ya shiga daidai. Daga bakin ƙofa na karanta shi ba tare da runtse ido ba. Idan `Windows` ya riga ya sa wa talabijin ma'aunin 150%, kamar yadda yakan yi wa wasu, zuƙowar 200% ta isa, domin biyun suna ninka juna.

Shugaba ya shigo muna cikin gwaji, ya ce, "To in an sake tambayar bashi fa?" Na ce, "Alhaji, zauna can ka tambaya." Ya tambaya. Ma'aji ya buɗe shafin `Bashi` a tagar da ke gabansa, ya karanto jimla, talabijin kuwa ba ta motsa daga `Jimla` ba. Sai na ce ya ɗauka wani ya biya jika hamsin a wurin taro. Ya rubuta a nasa ɓangaren, saura a bango ya tashi daga 730,000 zuwa 780,000 a gaban idon Alhaji, ba tare da an ga sunan mai biya ba. Alhaji ya ce wanga shi ne abin da yake so tun farko.

Tsarin yana da rami, kuma ban ɓoye musu ba. Taga biyu, amma maɓallai na bin wadda aka danna ta ƙarshe ne. Idan ma'aji ya leƙa tagar talabijin ya gyara wani abu, ya manta bai koma tasa ba, sannan ya danna `Ctrl + Page Down` don sauya shafi, to shafin bango ne zai sauya, kuma `Bashi` ne ke biye da `Jimla`. Don haka muka ja shafin `Bashi` zuwa can ƙarshe, muka bar shafukan haya da dako a tsakani, muka kuma yi ƙa'ida: da zarar an shirya tagar talabijin, kibiya ba ta sake ƙetarawa can. Wanda sirrinsa ya fi wannan nauyi, kamar albashin ma'aikata, a ganina gara ya raba littafin biyu, ya fitar da jimla kaɗai a wani fayil daban, ko da zai rasa sauyawar nan take.

Sai batun ɗaukewar wuta, wanda duk mai shirya taro a garin nan lokacin zafi ya san dole ya yi lissafinsa. Kwamfuta tana da batir, talabijin ba ta da shi. Muka gwada da zare filogin talabijin. Fuskar kwamfuta ta ɗan ƙifta, tagar 2 ta dawo ta hau kan tagar 1, da ƙaton rubutunta. Da muka mayar da filogi muka kunna, `Windows` ya koma `Étendre` da kansa, domin yana tuna zaɓin da aka yi wa kowace talabijin, amma tagar ba ta koma ba, sai da aka sake tura ta. `Windows 11` yana da zaɓin tuna wurin tagogi ya mayar da su. Na 10 ba a dogara da shi a nan. Haɗarin yana wajen turawar: tagogi biyu ne a kan juna masu suna ɗaya, mutum na cikin sauri, jama'a na jira, sai ya tura wadda ke kan `Bashi`. Abin da na koya wa ma'aji shi ne, wuta na ɗaukewa ya mayar da tagogin biyu kan `Jimla` tun kafin ta dawo, sannan ya duba lambar da ke saman taga kafin ya danna komai.

Akwai kishiyar wannan. Wasu talabijin idan an kashe su da rimot kawai, ko an sauya su zuwa tasha, kwamfuta tana ci gaba da ganinsu. Sai mutum ya buɗe fayil, alamarsa ta fito a layin ƙasa, taga kuwa babu ita, tana can a fuskar da ba ta nunawa. `Win + P` da zaɓin farko yana tattaro komai gida, zare wayar ma haka. Zare wayar shi ne kuma mafita ga wanda ya danna zaɓi na huɗu bisa kuskure alhali talabijin tana kan wata tasha, fuskokin biyu suka yi baƙi.

Sauti bai dame mu ba a taron lissafi, amma HDMI yana ɗaukar sauti tare da hoto, kuma `Windows` yakan mai da shi talabijin da zarar an soka. Wanda ya ji kwamfutarsa ta yi shiru ya danna alamar lasifika kusa da agogo ya zaɓi inda yake so. Tsohuwar wayar VGA mai shuɗin kai hoto kaɗai take kaiwa.

Zama na biyu ya tafi a `Étendre` daga farko har aka shafa fatiha. Bayan an watse, ma'aji ya tsayar da samari biyu da za su riƙa taimaka masa da shigar da rasit, ya ce zai nuna musu yadda ake yi a talabijin. Ya fara a yadda muka bar ta, yana rubutu a tagar bango, wuyansa a karkace hagu, yana neman kibiya a fuskar da ke nesa da shi mita uku. Na ce masa ya rufe littafin ƙungiya, ya buɗe sabo wanda ba komai a ciki, ya koma `Dupliquer`. A koyarwa abin da ake so yaran su gani shi ne ainihin inda hannunsa ke zuwa, wane maɓalli ya danna, wane akwati ya buɗe, kuma shi yana buƙatar ya kalli gabansa. Hazon rubutu bai hana komai ba, tun da suna zaune a tabarma dab da talabijin. Hasali ma, da talabijin ɗin irin ƙananan nan ne masu inci 32, waɗanda da yawansu ɗigonsu 1366 da 768 ne kamar na kwamfutarsa, ko hazon ba za a samu ba.

Ɗaya daga cikin samarin ya ce shi a lakwal ya ga malami yana nuna darasi da `PowerPoint`, yana ganin bayanansa a kwamfuta alhali ɗalibai na ganin hoto kaɗai, kuma bai ga ya danna `Win + P` ba. Haka ne. Tun daga na 2013, idan `Mode Présentateur` yana kunne, `PowerPoint` da kansa yake mai da kwamfuta `Étendre` idan an fara nuni. `Excel` ba ya yi wa kowa wannan, haka mai buɗe PDF ko mai shiga intanet. Shi ya sa wanda ya saba da nunin darasi yakan zaci kwamfuta ta san abin da bai kamata jama'a su gani ba.

Kafin in tafi na sa ma'aji ya sake buɗe littafin ƙungiya ya rufe taga ta 2 tukuna, sannan ya adana. Idan aka adana littafi da tagogi biyu a buɗe, da biyun zai tashi a gaba, kuma a gida inda ba talabijin zai tarar da ɗaya a kan ɗaya, ta saman da rubutu ninki uku, ya zaci fayil ɗin ya lalace. Ya ce shi ya fi son ya bar su biyun saboda taron wata mai zuwa, kada ya manta yadda ake buɗe ta biyun. Na rubuta masa `Affichage`, `Nouvelle fenêtre` da `Win + P` a bayan murfin tsohon littafin lissafin, ya rufe tagar.